Wanda Zai Cika Shekara 18 Tsakanin Rajista da Ranar Zaɓe: Yadda Ake Lissafin da Abin da Ya Kamata a Yi

Duk sanda aka buɗe rajistar masu zaɓe, tambaya ɗaya ce ke yawo a majalisun samari da tsakar gidaje a ƙauyukan Kano da Jigawa: yaron da bai cika goma sha takwas ba yanzu, amma zai cika kafin ranar zaɓe, za a yi masa rajista? A Najeriya amsar ita ce a'a. Ranar da ka tsaya gaban jami'in rajista ita ake dubawa, ba ranar jefa ƙuri'a ba.

Wannan ba son ran ma'aikaci ba ne. Sashe na 77 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba da haƙƙin rajista ga ɗan ƙasar da ya riga ya kai shekara goma sha takwas, kuma yana zaune a Najeriya a lokacin rajistar. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta maimaita sharaɗin a sashe na 12, ta ƙara da cewa dole mutum ya kai kansa da kansa. Dokar zaɓe akan yi mata gyara lokaci zuwa lokaci, amma maganar shekaru tana cikin tsarin mulki ne, don haka ba ta saurin motsi. Masu cewa sun ji ana yi wa ɗan sha bakwai rajista ba ƙarya suka ji ba, sai dai labarin wata ƙasa ne. A jihohin Amurka da yawa ana yi wa wanda zai cika kafin ranar zaɓe, a Afirka ta Kudu ma tun daga shekara goma sha shida ake shiga rajista, a jira sha takwas a yi zaɓe. Mu ba haka tsarinmu yake ba.

Saboda haka aikin duka ya koma kan ranaku biyu: ranar da aka haife ka, da ranar da hukumar zaɓe ta INEC za ta rufe rajista. Kowace a cikinsu tana da inda take yaudarar mutum.

Mataki na farko: san ranar haihuwarka da lissafin Miladiyya

A birni wannan abu ne na minti ɗaya, a buɗe durowa a ɗauko takarda. A ƙauye sau da yawa babu takardar, sai abin da Inna ta riƙe a ka: da azumi aka haife ki, ko ana saura kwana uku babbar salla, ko shekarar da ruwa ya ci gadar gari. Iyaye mata ba sa mantuwa da irin wannan, kuma lissafinsu daidai ne, amma da watan Musulunci suke yinsa. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya. Idan aka tara wannan gibin na shekara goma sha takwas, ya kai wata shida da rabi. Hukumar zaɓe kuwa da Miladiyya take aiki.

A ɗauki misalin yarinya a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, wadda aka haifa a makon farko na azumin 2004. Azumin wannan shekarar a tsakiyar Oktoba ya kama, to a ce ranar 20 ga Oktoba aka haife ta. Azumin 2022 kuma a farkon Afrilu ya zo. Da aka sha ruwa a ranar farko ta wannan azumin, mahaifiyarta ta ƙirga ta ce, “Ai kin cika sha takwas, wannan ne azumi na goma sha takwas bayan wanda na haife ki a ciki.” Gaskiya ta faɗa. Amma a takardar gwamnati yarinyar shekararta goma sha bakwai da wata biyar da 'yan kwanaki, sai 20 ga Oktoban 2022 za ta cika. A riƙe wannan yarinyar, za mu dawo kanta.

To ta ina ake samo ainihin ranar? A fara da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, idan an taɓa yi. Idan babu, a nemi katin rigakafin jarirai, wanda yawanci yana ƙasan akwatin uwa, ko a je makarantar firamaren da aka yi a roƙi hedimasta ya duba rajistar shiga aji ɗaya. Wasu iyaye maza, musamman malamai, sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a bayan littafi da watan Musulunci; wannan ma hujja ce mai kyau, mai waya zai iya juya ta zuwa Miladiyya, ko da za a sami saɓanin kwana ɗaya saboda ganin wata.

Daga nan sai a duba abin da aka riga aka rubuta a takardar lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Nan ne rikici ya fi yawa. Yara da dama an yi musu lambar ne a gurguje don jarrabawa ko layin waya, mai bugawa ya tambayi shekaru kawai ya sa 1 ga Janairu. Idan takardar haihuwa ta ce Oktoba, lambar ɗan ƙasa ta ce Janairu, gara a daidaita su tun kafin a je wurin rajista, domin gyaran ranar haihuwa a hukumar katin ɗan ƙasa yana cin kuɗi kuma ba a yinsa a yini ɗaya. Wanda ba shi da takardar haihuwa sam, kuma ya riga ya kai sha takwas, hanyarsa ita ce rantsuwar shekaru a kotu, sannan takardar shaidar haihuwa ta manya daga Hukumar Ƙidaya. Rantsuwa ce ta gaske, ranar da aka tabbatar ita ake faɗa.

Mataki na biyu: san ranar rufe rajista daga bakin hukuma

Dokar 2022 ta ce a dakatar da rajista aƙalla kwana 90 kafin zaɓe. Mutane da yawa suna jin haka sai su ƙirga kwana 90 baya daga ranar zaɓe su ce suna da lokaci. Kuskure ne. Kwana 90 shi ne iyakar da ba a ƙetarewa, bai hana hukuma rufewa tun kafin nan ba, kuma haka ta yi.

An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairun 2023. Kwana 90 baya ya faɗa ƙarshen Nuwamban 2022. Amma rajistar da aka fara a ƙarshen Yunin 2021 an tsara rufe ta ne ranar 30 ga Yunin 2022, aka yi ta kai ruwa rana har da zuwa kotu, aka ƙara wata ɗaya, aka rufe ranar Lahadi 31 ga Yuli. Tsakanin rufewa da zaɓe kusan wata bakwai ke nan. A wannan tsakanin ne hukuma ke tace sunaye don cire masu rajista biyu, ta kafe sunaye jama'a su duba, ta buga katuna, ta raba su.

Ma'anar wannan a fili take. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Agustan 2004 zuwa 25 ga Fabrairun 2005, ranar zaɓen ya cika sha takwas, amma bai da ƙuri'a. Yarinyar Ringim tana cikinsu. Da ta yi lissafin kwana 90, da ta ɗauka tana da fiye da wata guda bayan ranar haihuwarta, alhali an rufe tun tana da saura wata biyu da kwana ashirin.

Ranar rufewa ana jin ta a rediyo, kuma ana iya tambayar jami'in zaɓe a ofishin hukumar da ke hedikwatar ƙaramar hukuma. Kowace daga ƙananan hukumomi 44 na Kano da 27 na Jigawa tana da irin wannan ofishi. A tambayi abu biyu: yaushe za a rufe wannan zangon, kuma shi ne na ƙarshe kafin zaɓe? Rajistar takan zo zango-zango, ana tsayawa a tsakani don kafe sunaye. Wanda zango na farko ya wuce shi yana ɗan sha bakwai, mai yiwuwa na biyu ko na uku ya same shi ya cika. Kuma kada a dogara da cewa za a ƙara wa'adi. An ƙara a 2022, amma ba alkawari ba ne.

Idan ranakun biyu suka samu, sai a ɗora su gefe da gefe. Wanda ranar haihuwarsa ta riga ranar rufewa da watanni, ba shi da matsala, ya jira ya cika ya tafi a makon. Sauran biyun su ne abin magana: wanda zai cika dab da rufewa, da wanda zai cika bayan an rufe.

Mataki na uku: idan za ka cika dab da rufewa

A ce yarinyar nan tana da ɗan baffa da aka haifa ranar 20 ga Yulin 2004. Shi ya cika ranar Laraba 20 ga Yulin 2022, saura kwana goma sha ɗaya a rufe. Ya samu shiga, amma ƙofar ƙarama ce, kuma ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da ba a ɗaga kai daga gona.

Duk abin da ba ya buƙatar cika shekaru, a gama shi tun kafin ranar. Takardar haihuwa da ta lambar ɗan ƙasa su kasance a hannu, a leda saboda ruwa. Dokar 2022 ta lissafa takardar haihuwa, fasfo, katin shaida ko lasisin tuƙi, ko wata takarda da ke nuna ko wane ne mutum da shekarunsa da ƙasarsa. Babba mai gemu ba a cika matsa masa ba. Matashi mai ƙaramin jiki da ke cewa jiya ya cika sha takwas kuwa, dole jami'i ya nemi hujja, kuma yana da gaskiya. Takardar haihuwa da ta lambar ɗan ƙasa su suka fi ƙarfi, da su za a tafi.

Sai zaɓen rumfa, wanda samari ke wasa da shi su yi nadama. Doka ta yarda ka yi rajista a inda kake zaune, ko inda kake aiki, ko inda ka fito, amma ƙuri'a a rumfar da sunanka yake kaɗai ake jefa ta. Babban zaɓe da rani yake zuwa, lokacin da samarin ƙauye suka watse cin rani Legas ko Fatakwal ko Abuja. Ka tambayi kanka inda za ka kasance a lokacin. Budurwar da aka sa ranar aurenta bayan kaka zuwa wani gari, ita ma ta yi wannan lissafin. A san sunan mazaɓa da sunan rumfa yadda hukuma ta rubuta su, domin “bakin kasuwa” ko “ƙofar mai gari” suna da yawa a ƙaramar hukuma ɗaya. Katin wani babba a gidanku da ke zaɓe a rumfar yana ɗauke da bayanin, a kwafa daga nan.

Akwai rajistar share fage ta intanet a cvr.inecnigeria.org, inda mutum ke cike bayanansa ya zaɓi ranar zuwa ofis. Tana rage zaman cike takarda, amma ba rajista ba ce. A zagayen 2021 zuwa 2022 sama da mutum miliyan goma suka cike ta intanet, waɗanda suka je aka ɗauki yatsunsu ba su kai miliyan uku da rabi ba. Sauran ba su shiga rajista ta wannan hanyar ba. Idan mai shagon waya ya karɓi kuɗinka ya ba ka takarda ya ce an gama, ba a gama ba. Ga mai kwana goma sha ɗaya a hannu, ni shawarata ya bar ta intanet ya nufi ofis kai tsaye.

Ya tafi ranar da ya cika ko washegari, da sassafe. A lokutan da ba na cunkoso ba, daga ƙarfe tara zuwa uku ake aiki, Litinin zuwa Juma'a. A makonnin ƙarshe na Yulin 2022 an tsawaita zuwa ƙarfe biyar har da Asabar da Lahadi, duk da haka layi bai ƙare ba. Na'ura na iya ɗaukar zafi, caji na iya ƙarewa, sabis na iya ɗaukewa. Wanda ya je ranar 21 aka ce ya dawo gobe yana da gobe. Wanda ya bari sai 31 ba shi da ita. A kuma tambaya ko an kawo na'ura mazaɓa, domin wani lokaci akan zagaya da ita, ka huta da kuɗin mashin zuwa hedikwata.

A teburin rajista za a shigar da suna, ranar haihuwa, adireshi da rumfa, a ɗauki hoton fuska da zanen yatsu goma. Hannun manomi a watan Yuli ya sha fartanya, zanen ya kan shafe, sai na'ura ta yi ta ƙi. A wanke hannu, a goge, kada ya bushe ƙarau kuma kada ya jiƙe. Mata su ɗaga ƙunshi mai kauri a kan yatsu sai bayan rajista. Hijabi ba matsala, fuska dai ta fito sosai. Kafin jami'i ya kammala, ka ce, “Malam, don Allah karanta min abin da ka sa.” Ka saurari harafin sunanka da shekarar haihuwa. Sannan ka karɓi 'yar takardar shaida da za a ba ka ka adana. Ba a biyan ko kwabo.

Mataki na huɗu: duba suna da karɓar kati

Wannan ba shi da wuya, mantuwa ce ke kayar da mutane. A 2022 an kafe sunaye daga 12 zuwa 25 ga Nuwamba, makon farko a mazaɓu, na biyu a ƙananan hukumomi. Ka je ka ga sunanka da hotonka da rumfarka. Idan da kuskure, a nan ake cike takardar gyara. Rabon katin dindindin an fara shi 12 ga Disamba, aka sauko da shi mazaɓu a Janairu, aka rufe 5 ga Fabrairun 2023 bayan ƙarin wa'adi. Mai kati shi ke karɓar abinsa, ba a aike. Ɗan cin rani ya tsara tafiyarsa da wannan a ransa, domin 'yar takardar shaidar nan ta wucin gadi ba ta zaɓe.

Idan za ka cika bayan an rufe

Mu koma kan yarinyar. Ita babu wata takarda ko alfarma da za ta sa ta yi zaɓen 2023 bisa doka. A daidai nan ne matsi ke zuwa, kuma ba daga baƙo ba. Wani kawu ne da ke yi wa ɗan takara aiki zai shigo gida ya ce wa mahaifinta, “Yaya, wata uku ne fa kacal. A ce 2003 aka haife ta, wa zai bincika?”

Ana bincikawa. Tun bayan hotunan yara a layin zaɓen ƙananan hukumomin Kano na Fabrairun 2018, idon ƙasa yana kan rajistar wannan yanki. Lokacin kafe sunaye kowa na da damar ƙalubalantar sunan da yake ganin mai shi bai kai ba, kuma a ƙauye kowa ya san shekarar da aka haifi kowa, har da 'yan ɗaya jam'iyyar. Bayan kafewar Nuwamban 2022 an cire sunaye 53,264 a faɗin ƙasa sakamakon ƙorafe-ƙorafe iri-iri. Ba da bayanin ƙarya wurin rajista laifi ne da doka ta tanadar wa tara ko ɗauri.

Amma ko ba a kama ta ba, ni abin da na fi jiye mata shi ne abin da zai biyo baya. Katin zai ce 2003, lambar ɗan ƙasa da takardar makaranta su ce 2004. Ran da ta je buɗe asusun banki, ko neman gurbin karatu, ko shiga wani shirin tallafi, aka ga takardu sun saɓa, ita za ta yi ta zirga-zirgar kotu da ofisoshi. Kawun a lokacin ya daɗe da mantawa. Amsar da ta dace uban ya ba shi gajeriya ce: “Bari ta cika tukuna, zaɓe ba ya ƙarewa.”

Abin da za ta yi shi ne ta gyara takardunta a wannan tsakanin, ta kasa kunne ga ranar sake buɗewa, kuma ta shiga a makon farko. Dalilin gaggawar shi ne rajistar da ake kira ta kullum ba kullum take a buɗe ba. Bayan rufewar Yulin 2022, ba a sake buɗe ta a Kano da Jigawa ba sai Agustan 2025, ta intanet ranar 18, ta ofis ranar 25. Hukumomin zaɓe na jiha kuma da rajistar hukumar ƙasa suke aiki, ba su da tasu. Don haka zaɓen ƙananan hukumomi da jihohin biyu suka yi a Oktoban 2024 shi ma ya wuce yarinyar, tana da shekara ashirin ko dab da haka, alhali ɗan baffanta da ya girme ta da wata uku yana da katinsa. Zaɓen kansila da ciyaman, da na cike gurbi idan kujera ta faɗi, duk da wannan katin ake yinsu, kuma su ne suka fi kusa da ɗan ƙauye.

Saura mutum ɗaya: wanda aka riga aka yi wa rajista yana ɗan sha shida ko sha bakwai a wani zagaye da ya wuce, yanzu ya cika, yana son ya yi sabuwa mai tsabta. Kada ya sake. Yatsunsa da fuskarsa suna cikin rumbun hukuma, kuma na'urar tacewa tana gwada kowace sabuwar rajista da tsofaffi. A 2022, cikin sababbin rajista kimanin miliyan 12.3, an jefar da sama da miliyan 2.7, kuma rajista biyu na cikin manyan dalilan. Dokar 2022 ta sa tarar da za ta iya kai naira 100,000 ko ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko duka biyun, a kan yin rajista fiye da sau ɗaya. Ya fara zuwa ofishin ƙaramar hukuma a duba ko sunansa yana nan. Idan yana nan, abin da zai nema gyaran bayanai ne, ya tafi da takardar haihuwarsa da ta lambar ɗan ƙasa. Idan ya koma wani gari, sauyin rumfa zai nema, idan kuma katin ne ya ɓata, sai ya nemi a sake buga masa. Duka ukun ana yinsu ne a lokacin da rajista take a buɗe.